Gefe na ƙuna, tsakiya da sanyi: yadda ɗumamen maikirowef ke yaudarar mai ci

Duk wanda ya taɓa saka shinkafar jiya a maikirowef ya san wannan abin. Na'ura ta yi ƙara, a buɗe, tururi ya taso, farantin ma sai da tsumma ake ɗauko shi. Lomar farko daga gefe ta ƙona harshe, amma cokali na shiga tsakiya sai a tarar sanyin firji yana nan daram. Yawanci laifin kan na'urar yake faɗawa, a ce ta fara tsufa, ko a ce dama 'yar gwanjo ce. Mai sauri kuwa sai ya gauraya mai zafin da mai sanyin ya ci abinsa a haka.

A Kaduna na'urar ta daina zama kayan gidan masu hali kaɗai. Tana cikin jeren amare, tana ofisoshi, tana shagunan sayar da abinci daga Kawo har Barnawa. Da ta yaɗu sai maganganu biyu masu karo da juna suka biyo ta. Wasu sun ce igiyar da take fitarwa na kashe kowace irin ƙwayar cuta, don haka duk abin da ya shiga cikinta ya fito lafiya lau. Wasu kuma sun ce ita igiyar ce ma cutar, tana bar wa abinci guba. Duka biyun sun kauce hanya. Igiyar dangin ta rediyo ce, ba irin wadda ake ɗaukar hoton ƙashi da ita a asibiti ba, kuma da zarar na'urar ta tsaya ba ta saura cikin abinci, kamar yadda haske ba ya saura a ɗaki bayan an kashe ƙwan lantarki. Sannan abin da ke kashe ƙwayar cuta zafin da abincin ya ɗauka ne. Duk inda zafin bai isa ba, ƙwayar na nan da ranta.

## Ɗumi daban, zafi daban

Kalmar ɗumame daga ɗumi ta fito, amma wanda ya tashi a gidan da ake ɗumamen tuwo da safe ya san aikin ya wuce sunansa. Ana yanyanka tuwon dare a tukunya, a zuba ruwa da sauran miya, a bar shi kan wuta har ya riƙa ɓararraka, ana juyawa don kada ya kama. Sunansa ɗumame, amma tafasa yake yi. Da maikirowef ya shigo sai kalmar ta koma ma'anarta ta asali a gidaje da yawa: abinci ya yi ɗumi, an gama.

Masana tsaftar abinci sun kasa zafi gida uku. Ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, wato sanyin firji mai aiki sosai, yawancin ƙwayoyin cuta ba sa mutuwa amma haihuwarsu na tafiyar hawainiya. Daga digiri 5 zuwa 60 nan ne filin hayayyafarsu, kuma inda suka fi jin daɗi shi ne kusa da ɗumin jikin mutum, digiri 37. Daga digiri 70 zuwa sama ne suke mutuwa da sauri. Wannan rabon shi ne ginshiƙin shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa kan dafa abinci da ajiye shi.

Idan aka ce gurbin sanyi, ana nufin duk wani ɓangare na abincin da bai kai wancan mataki na ƙarshe ba. Ba dole sai ya yi sanyi a baki ba. Loma mai digiri 50 harshe zai ce mata mai zafi ce, alhali a wannan lissafi gurbin sanyi ce.

## Abin da ke faruwa a cikin akwatin

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Percy Spencer, ma'aikacin kamfanin Raytheon, shi ya lura a 1945 cewa igiyar da ake amfani da ita a na'urar hango jiragen sama tana iya dafa abinci. Zuciyar na'urar wani bututu ne da ake kira magnetiron, wanda ke harba igiya mai kai da kawowa sau biliyan 2.45 a kowace daƙiƙa. Ƙwayoyin ruwan da ke cikin abinci suna bin wannan kai da kawo suna jujjuyawa, daga nan zafi ke fitowa.

Bangon akwatin ƙarfe ne, igiyar ba ta ratsa shi, sai dai ta buge shi ta dawo. Mai tafiya da mai dawowa suna haɗuwa a hanya, a wani wuri su ƙara wa juna ƙarfi, a wani wurin su kashe juna. Tsawon igiyar kusan santimita 12 ne, don haka wuraren ƙarfin suna da tazarar kusan santimita 6 a tsakaninsu, kamar faɗin yatsu huɗu na babba. Wato a cikin faranti ɗaya akwai inda wuta ke ci da inda take kwance. Wannan ba alamar lalacewa ba ce, sabuwa dal ma haka take. Farantin gilashin da ke juyawa an sa shi ne don ya riƙa ratsa abincin ta cikin wuraren ƙarfin. Yana taimakawa, amma abin da ke daidai tsakiyar farantin a wuri ɗaya yake juyawa, bai je ko'ina ba.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Ana yawan cewa maikirowef daga ciki yake fara dafa abinci ya fito waje. Ba haka ba ne. Igiyar na shiga abinci mai ruwa zurfin santimita ɗaya zuwa uku kafin ƙarfinta ya ƙare, idan abincin na da gishiri sosai ma ba ta kai haka ba. Abin da ya wuce wannan zurfin sai dai ya jira zafi ya ratso masa daga maƙwabta, a hankali, kamar yadda zafi ke bin muciya daga tukunya zuwa hannu. Tulin shinkafa mai tsayin santimita takwas, tsakiyarsa kusan ba ta ga igiyar ba sam.

Na uku ƙanƙara ce. Ruwan da ya daskare ba ya shan igiyar sai kaɗan, saboda ƙwayoyinsa a ɗaure suke, ba su iya jujjuyawa. Idan aka ɗauko miya daga firiza aka sa ta a cikakken ƙarfi, ɗan gefen da ya fara narkewa shi zai riƙa shanye wutar, ya tafasa har ya soma ƙafewa, dunƙulen tsakiya kuwa yana nan kamar dutse. Ga shi narkar da ƙanƙara kaɗai na cin wuta daidai da ɗaga ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Maɓallin `Defrost` don wannan aka yi shi. A yawancin na'urori ba rage ƙarfin igiyar yake yi ba, kunna magnetiron yake yi yana kashewa, don a lokacin hutun zafi ya samu ya bazu. Mai kasa kunne zai ji sautin na'urar na canzawa lokaci zuwa lokaci.

## Inda abincinmu ke ƙara wa abin wuya

Ruwa zalla idan ya yi zafi da kansa yake motsi, mai zafi ya hau sama mai sanyi ya sauka. Miyar kuka da ta kuɓewa da ta taushe ba sa wannan motsin saboda kauri. Sai a ga bakin kwano na tafasa yana tartsatsi, tsakiya ko gezau. Malmalar tuwo ta fi su duka, domin dunƙule ce mai nauyi wadda ba ta juyuwa da cokali. Haka alala, haka cinyar kaza mai ƙashi.

Mai kuma mayaudari ne. Manja ko man gyaɗan da ke saman miya ba ya buƙatar wuta da yawa kafin ya ɗau zafi, kusan rabin abin da ruwa ke buƙata ya ishe shi, kuma yana iya wuce digiri 100. Shi ke ƙara, shi ke fantsama jikin bango, shi ke narkar da bakin roba. Mai kallo ta gilashi sai ya ɗauka komai ya yi, alhali saman ne kawai.

## Faranti ɗaya, daga firji zuwa tabarma

A ɗauki misalin wani gida a Tudun Wada. Maigida ya dawo daga kasuwa bayan isha'i, uwargida ta ce wa 'yarta ta ɗumama wa Baba shinkafa da miyar jiya, da cinyar kaza ɗaya a kai. Abincin duka zai kai giram 400, ya fito daga firji yana da digiri 5, na'urar kuma mai wat 700 ce, irin ƙananan da suka fi yawa a gidaje. Yarinya ta tula shinkafa ta yi mata tsini, ta kwarara miya a sama, ta dasa cinya a ƙoli, ta murɗa minti ɗaya.

Lissafi kaɗai ya isa ya nuna minti ɗaya bai kai ba. Wutar da na'ura mai wat 700 ke bayarwa a minti ɗaya za ta ɗaga abinci mai wannan nauyin da digiri 25 zuwa 30 ne kacal, ko da ta rabu daidai wa daida. Daga 5 an koma 30 ko 35, wato kusan ɗumin jiki. Tunda kuma ba ta rabu daidai ba, gefe ya kwashi fiye da rabonsa yana tururi, tsakiya ta tashi da kusan babu. Kafin wannan farantin ya kai digiri 75 ko'ina, sai wutar ta yi aiki na minti biyu da rabi zuwa uku a ƙalla, a aikace ma yakan kai huɗu saboda abin da tururi da kwano ke ɗauka. Idan faranti biyu aka saka tare, lokacin kusan ninkawa yake yi.

Gyaran na farawa ne tun kafin a rufe ƙofa. A samo kwanon tangaran ko na gilashi mai faɗi, zagayayye, domin mai kusurwa yakan ƙone a kusurwoyin. Samira da kwanon silba da faranti mai zanen ruwan zinari a baki ba sa shiga. Tuwo a cire shi daga leda, alala a fitar da ita daga gwangwani. A baje shinkafar kada kaurinta ya wuce santimita uku, a buɗe rami a tsakiya ta zama kamar gammo. Da wannan ramin an kawar da wurin da igiyar ba ta kaiwa, an kuma ba ta hanyar shiga ta ciki da ta waje. A yayyafa ruwa cokali ɗaya ko biyu. Cinyar kazar a tsaga ta har ƙashi, ko a zare naman a yanka, a jera ɓangaren mai kauri yana kallon bakin kwano. Da tuwo ne sai a yanka shi fale-fale, kaurin yatsa biyu, a jera a zagaye.

Sai murfi. Wani farantin tangaran da aka kifa ya wadatar, a bar 'yar kafa don tururi ya samu mafita. Murfin ba don kare bango daga fantsama kaɗai ba ne. Tururin da ya tare yana kewaye abincin, yana kai zafi wuraren da igiyar ta tsallake, yana kuma hana shinkafa bushewa.

A ba shi minti biyu a kan `High`, a fito da shi, a juya. Nan ne aka fi yin sakaci, domin kewaya cokali a sama sau biyu ba juyi ba ne. Abin da ake so musayar wuri ne: na bakin kwano ya dawo ciki, na ciki ya koma baki, na ƙasa ya hau sama, a farfasa duk wani curi na shinkafa da ya manne. Naman a kifa shi ɗaya gefen. A sake buɗe ramin tsakiya, a rufe, a ƙara minti ɗaya da rabi ko biyu. In miya ce ita kaɗai mai kauri, juyi biyu ya fi ɗaya, kuma matsakaicin ƙarfi da lokaci mai tsawo ya fi cikakken ƙarfi na ɗan lokaci.

Da na'ura ta yi ƙara ba a gama ba. A bar kwanon a rufe minti ɗaya zuwa biyu. A wannan zaman zafin da ya taru a gefe ke gangarawa tsakiya, har zafin tsakiyar yakan ƙaru bayan wutar ta tsaya. Masu rubuta umarni a jikin kwalin abinci suna lissafa wannan jiran a cikin lokacin girki, ba don abinci ya huce ba ne.

Daga nan sai dubawa. Hanya mafi tabbas ita ce ma'aunin zafin abinci, ɗan ƙarfe mai tsini da allon lamba a kansa. A soka shi a tsakiyar shinkafa, a soka a wuri mafi kaurin nama ba tare da ya taɓa ƙashi ko gindin kwano ba, a ƙara wuri na uku. A jira lambar ta tsaya. Idan wuri biyu sun nuna 85 ɗaya ya nuna 58, to abincin 58 yake, a juya a mayar da shi na rabin minti ko minti ɗaya, a sake aunawa. A wanke tsinin tsakanin awo da awo, kada ya kwaso daga inda bai yi ba ya kai inda ya yi.

Gidaje kaɗan ne ke da wannan ma'auni, don haka dole a yi maganar abin da ke hannu. Bayan an fito da kwano, a soka wuƙa ko bayan cokalin ƙarfe a tsakiyar abincin, a ƙirga goma, a zare a ɗan taɓa a bayan hannu. Ya kamata ya yi zafin da ba za a iya barinsa a fata ba. A shafa gindin kwanon daidai tsakiya, domin baki kullum da zafi yake, ba ya ba da labarin komai. Sannan a buɗa tsakiyar abincin da cokali a ga ko tururi na tasowa daga can ciki. Idan yarinya ta ce, "Mama, ya yi zafi, har kwanon ya ƙona ni," tambayar da ta dace ita ce, "Kin buɗa tsakiyar kin gani?"

Waɗannan dabaru suna da iyaka. Fata ba ta iya bambance digiri 60 da 75, duka zafi take ji. Suna kama gurbin da ya yi sanyi ƙarara, wanda ya kusa kaiwa bai kai ba kuwa yakan wuce su.

## Digiri nawa, kwana nawa, sau nawa

Mai bincike zai ci karo da lambobi daban-daban, har ya ɗauka hukumomin ba su san inda suka dosa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce digiri 70. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce a kai sauran abinci digiri 74. Hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta ce digiri 70 na tsawon minti biyu, ko 75 na daƙiƙa 30, ga mutanen gida kuma ta taƙaita da cewa abinci ya riƙa tururi ciki da waje. A Sukotland an ɗora wa masu sana'ar abinci digiri 82 idan ɗumame za su yi.

Saɓanin bai kai yadda yake a ido ba. Kashe ƙwayar cuta aikin zafi ne da lokaci tare: ƙaramin zafi na buƙatar dogon zama, babban zafi na gamawa nan take. Mai cewa 74 ya zaɓi lambar da ba sai an duba agogo ba. Mai cewa 82 ya bar rata ne saboda ya san tsinin ma'auni ba lallai ya faɗa kan wuri mafi sanyi ba. Ga mai maikirowef a gida, 75 a wuri mafi sanyi lamba ce mai sauƙin riƙewa, kuma ta gamsar da kusan kowa.

Inda suka rabu da gaske shi ne ajiya. Amurkawa sun yarda sauran abinci ya yi kwana uku zuwa huɗu a firji, kuma a sake ɗumama shi fiye da sau ɗaya muddin kowane karo ya kai 74. Birtaniya ta ce kwana biyu, shinkafa ma kwana ɗaya, ɗumame kuma sau ɗaya tak. Hujjar masu sassauci ita ce kauce wa asarar abinci, ta masu tsauri kuma ita ce duk hawa da saukar zafi sai abinci ya ratsa filin hayayyafar ƙwayoyin cuta. Sai dai duka biyun sun gina maganarsu ne kan firjin da ba ya ɗauke numfashi dare da rana.

Akwai kuma masu cewa a bar na'urar gaba ɗaya a koma tukunya, kuma suna da abin kafa hujja. A 1992 cutar Salmonela, mai sa gudawa da zazzaɓi, ta ɓarke a garin Juneau na jihar Alaska a Amurka, bayan wani taron cin abinci da mutane suka tafi gida da sauran gasasshen nama. Masu bincike sun bi mutum 30 da suka ci naman bayan sun ɗumama. Goman da suka sa shi a maikirowef duka sun kwanta, ashirin ɗin da suka yi amfani da kasko ko tanda babu wanda ya kamu. Masu kare na'urar na amsawa da cewa wannan ya nuna illar gajeren ɗumame ne ba tare da juyi ko dubawa ba, kuma babbar tukunyar miya ma tana iya kamawa a gindi samanta bai yi zafi ba idan ba a juya ta. Suna ƙarawa da cewa faranti ɗaya a minti huɗu ya fi kunna gas ko hura gawayi sauƙi. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Fifikon tukunya shi ne shaidarta a fili take, ido na ganin tafasa. Saboda haka abincin mai juna biyu, da tsoho, da majinyaci, da ƙaramin yaro, idan babu ma'auni a gidan, tukunya ta fi zama abin dogaro, musamman miya da nama mai ƙashi.

Madarar jariri ko kununsa a cikin fida kuwa matsalarsu ta ɗaya gefen ce. Jikin fidar zai yi ɗumi a hannu alhali a ciki akwai gurbin da zai ƙona baki, shi ya sa ake son a tsoma ta cikin ruwan zafi, a girgiza, a ɗiga a bayan hannu kafin a ba yaro.

## Lissafin wutar Kaduna

Mintocin da aka ambata a sama sun dogara ne da na'urar tana samun cikakkiyar wuta. Na'ura mai ba abinci wat 700 tana jan sama da wat 1,000 daga soket. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, ko aka ɗora ta kan ƙaramin janareta da ke ɗauke da firji da fanka, ƙwan ciki zai kama, faranti zai juya, agogo zai ƙirga mintocinsa cif, amma magnetiron na aiki ne da rabin numfashi, wani lokacin ma bai tashi ba sam. Minti ukun da ya wadatar jiya da safe ba lallai ya wadatar yau da magariba ba, lokacin da duk unguwa ta kunna kaya. Wannan kaɗai ya isa ya sa a daina dogara da agogon na'ura.

Mai ma'auni na iya gwada ƙarfin tasa. A zuba ruwa lita ɗaya a kwanon gilashi, a auna zafinsa, a kunna minti biyu a cikakken ƙarfi, a juya a sake aunawa. A ninka ƙarin da aka samu sau 35, abin da ya fito shi ne kimanin wat ɗin da na'urar ke bayarwa. Ƙarin digiri 20 na nufin wat 700. In aka ga 12 kacal, na'urar ko wutar gidan na ba da ɗan abin da ya haura wat 400, dole a ƙara wa kowane ɗumame lokaci.

Ɗaya gefen wutar ya shafi firji. Idan aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe shi yana riƙe sanyinsa na kusan awa huɗu, cikakkiyar firiza kuma kwana biyu, mai rabin kaya kwana ɗaya. Miyar da ta wuni a firji marar wuta, da dare wuta ta dawo ta sake sanyaya ta, da safe za a taɓa a ji sanyi kamar ba abin da ya faru. Irin wannan abincin ya shigo maikirowef da ƙwayoyin cuta masu yawa, don haka gurbin sanyi ɗaya a cikinsa ya fi haɗari nesa ba kusa ba. A gidan da wuta ke zuwa tana tafiya, ƙa'idar kwana biyu da ɗumame ɗaya ta fi dacewa da ta kwana huɗu. Wasu na daskarar da ruwa a kofi su aza ɗan dutse a kai su bar shi a firiza. Ranar da aka tarar dutsen ya nutse ƙasa, an san kayan ciki sun narke sun sake daskarewa.

## Abin da zafi ba ya gyarawa

Ko an juya, an jira, ma'auni ya nuna 90, akwai abincin da ya riga ya wuce gyara, kuma shinkafa ce kan gaba. Ɗanyar shinkafa takan zo da wata ƙwayar cuta, Basilus siriyus, wadda ke ƙunshe kanta cikin ɓawo mai tauri ta tsallake dahuwa. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a waje tana hucewa, ƙwayar na farkawa ta hayayyafa, ta zuba guba a ciki. Ɗumame na kashe ƙwayar, amma gubar na jure zafin da ya wuce na tafasa. Ba ta wari, ba ta canza ɗanɗano. Alamarta amai ne mai zuwa da wuri, yawanci cikin awa ɗaya zuwa biyar bayan ci, kuma taliya da sauran abinci masu sitaci ma tana kama su.

Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, Amurkawa ma sun rage zuwa awa ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32, abin da Kaduna ke wucewa da rana a watannin Maris da Afrilu. Shinkafar buɗa-baki da aka bari cikin tukunya daga ƙarfe bakwai har sahur ta yi awa tara. Ta biki da ta wuni cikin kula, aka dawo da ita gida da ɗan ɗuminta, ita ma haka, domin kula na riƙe abinci ne daidai zafin da ƙwayar ke so da zarar ya sauka ƙasa da 60. Wadda ake son ajiyewa sai a kwashe ta daga tukunya tun da wuri, a baje a faranti mai faɗi ta sha iska, a rarraba a ƙananan robobi marasa zurfi, kowace daidai cin mutum ɗaya, ta shiga firji cikin awa guda. Washegari a ɗauko roba ɗaya a juye a tangaran, sauran su ci gaba da zama cikin sanyi.